Gaisuwar Cika-ciki da Na Bar wa Salula

Abin nan ya faru shekara uku bayan cutar da ta sa anka rufe masallatai, a daminar da ƙorama ta cinye mana rabin gonar fadama. Amma tushensa ya girmi babban farin da ya ƙare shanun Adar, ya girmi aurena, don tun ina goye anka aza mini shi.

Ina da ƙawa. Gidanmu da nasu a Galma danga ɗaya ta raba. An haife ta daren cika-ciki, da kaka, mutane na tsakar cin wutsiyar ragon layya da anka ɓoye. Ni kuwa na faɗo duniya ranar sunanta. Wannan ya sa ta girme ni da mako guda, kuma ba ta taɓa bari na mance ba. Tun muna ƴan mata take kirana Kwaɗayayya, wai ƙanshin ragon sunanta na ji na fito ban shirya ba. Ni kuma ina ce mata Tumbi, don wadda ta zo daren da kowa ke cika ciki ba za ta san ƙoshi ba har ta mutu.

Mu mutanen da ba mu san ranar haihuwa ba. Takardata ta ce an haife ni ranar farko ta watan farko na nasara, tata ma haka, ta mijina marigayi ma haka, duk tsofaffin garinmu rana ɗaya gwamnati ta haife mu. Amma ranar ƙawata ba ta ɓacewa, tunda duniya duka na dafa tukunya a cikinta. Iyayenmu mata ne sunka fara abin da wasa: ƙarama ta je ta gaida babba. Sai ya zauna. Kowace cika-ciki ni ke zuwa wurinta da ɗan busasshen naman layya a ƙulle, in durƙusa kamar gaban sarki, in zage ta tas, ita ma ta rama. Sharaɗin ɗaya ne, zagin bana ba ya kama da na bara. Ni kuwa wannan bai taɓa yi mini wuya ba. Ku tambaya a Galma. Yara sun girma a gabana suna jin gatana, ba wanda zai ce ya ji na ba da labari sau biyu da baki ɗaya.

Da anka kai ta aure wani ƙauye bayan Ibohamane, wurin masu shanu da ke magana da harshe biyu, ban daina ba. Na je kan jaki, na je a bayan motar kasuwa, na je da ciki, na je da goyo. Na ga ranar nan ta faɗo da damina, ta faɗo da bazara, ta faɗo da sanyi, ta zagayo ta koma kaka. Sai gwiwoyina sunka ƙi. Ita kuma kunnenta ya toshe, sai an sa baki a kai an yi ihu. Kiran waya bai amfane mu da komai ba, don ko da tana ji, ƙauyensu cikin kwari yake, rezo, wato layin waya, bai sauka can. Matar ɗanta ce ke da salula, sai ta hau tudu wajen itace saƙonni su shigo mata. To shi ya sa munka koma ga mesaji. Ɗiyata ta fari, wadda ke aikin ungozoma a gidan likita, ita ke zuwa ta rubuta abin da na faɗa, can kuma sarakuwar ƙawata ta karanta mata cikin kunne, ta rubuto mini ramuwar.

A shekarar da nake faɗi anka yi wa ɗiyata afektasiyo, wato canjin wurin aiki, zuwa gabas mai nisa, tafiyar da ba a yi a dawo cikin mako. Ni kuma a lokacin na fara aje abu in rasa inda na aje. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya kama ni, kada wata shekara cika-ciki ta zo ta wuce ina zaune. Sauran kwana kaɗan ta tashi, na ce mata:

"Ke, in kin tafi wa za ya rubuta mini?"

"Inna, garin nan cike yake da ƴan lakkwal masu karatun boko."

"In kira ɗan wani in ce rubuta 'ke Tumbi mai haƙori ɗaya'? Kafin azahar an kai shi bakin rijiya."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sai ta ce in kawo salulata. Ita ta saya mini ita, irin mai gilashi da ake shafawa, ta sa mini hotunan mutane don in san wanda zan kira. Ta ce akwai wani abu da ake sa wa waya, aplikasiyo, wanda ake ba umurni sau ɗaya ya riƙe. Ita ma da shi take tuna wa mata masu ciki ranar awo.

Munka zauna a rumfa da hantsi, tana shafa gilashi tana yi mini bayani. Ta ce umurnin ƙafa biyu gare shi. Ta farko, mi za ya tada shi. Ta biyu, in ya tashi mi za ya yi.

"Kamar yaron aike ke nan," na ce.

"Yaron aike marar wayo, Inna. Abin da anka ce masa kaɗai ya sani. To, ƙafa ta farko. Wace rana?"

"Cika-ciki."

"Bai san cika-ciki ba. Lamba yake so, rana kaza ga wata kaza."

"Duk duniya ta san cika-ciki, shi ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan nasara ne," ta ce.

An riga an ga wata, don haka ta ƙidaya da yatsa a kan kalandar wayar, ta samu inda ranar ta faɗa, wajen ƙarshen watan Yuli. Ta sa rana, ta sa wata, ta zaɓi ya maimaita kowace shekara, ta sa lokaci da safe bayan rana ta fito. Ina tune da ta ɗaga kai ta ce: "Inna, watanmu yana ja da baya kowace shekara, shi kuwa wannan a tsaye yake. In na zo hutun konje baɗi zan matsar da shi." Na ce to. Na ji maganar da kunnena, amma ban ɗauke ta da nauyi ba. A raina abin da ke kiran salla a kan lokaci, yana faɗin ƙarfe nawa ba a tambaye shi ba, ba za ya kasa sanin wata ya kama ba.

Sai ƙafa ta biyu. Ta zaɓi aika mesaji, ta sa lambar sarakuwar ƙawata, ta ce in faɗi. Na gyara zama na fara. Na taso daga daren da anka haife ta, na bi ta kan akuyar da ta kore ta har cikin rumbu, ban ko kai aurenta ba ɗiyata ta aje wayar a cinya.

"Inna, wannan ba mesaji ba ne, gatana ce. In ya yi tsawo yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da kiredinta, kuɗin waya take ci."

"To a yanka."

"Kuma matar can tana da aiki. Sai ta yi ihun duk wannan cikin kunne?"

Haka ta yi ta datse ni, ina ƙarawa tana ragewa, har abin ya koma ɗan wannan: "Tumbi, yau ranarki. Kwaɗayayya ta durƙusa. An ce haƙorinki ɗaya ya rage, ki ba shi haƙuri, naman bana da tauri. Allah ya kai mu ta baɗi." Ban so ƙanƙantarsa ba, amma da ta karanta mini na ji muryata a ciki.

Wayar ta tambaye ta izinin aika saƙo, ta ba ta. Ta shiga wani wuri ta hana wayar kashe abin don tattalin batir. Ta ƙara masa aiki na biyu saboda ni, cewa in ya aika ya buga ƙararrawa, tunda ba ni karatu. Ta fara gwada shi a kan lambarta. Ƙararrawa ta buga a hannuna, salularta ta yi kuka a cikin jakarta, na ce la'ilaha illallahu. Sannan ta maida lambar mutanen. Ta ja mini kunne da abu biyu: ranar nan kada wayar ta mutu, kada kuma kiredi ya ƙare, don in lokacin ya zo ya iske ta kashe ba lalle ya rama ba.

Ta tafi. Ranar cika-ciki ina zaune bakin murhu ƙararrawa ta buga. Washegari amsa ta zo, maƙwabciyata ta karanta mini, don ramuwar ƙawata ba ni jin kunyar a ji ta. Ta ce haƙorinta ɗaya ya fi gwiwoyina biyu amfani. Na yi dariya har hawaye. Na ce lalle na samu bawa da ba ya mantuwa.

Shekara ta zagayo. Ɗiyata ba ta samu konje ba, su biyu ne kaɗai ke karɓar haihuwa a inda take, ɗayar kuma ta kwanta ciwo. Maganar matsar da rana ta fita kanta, ni kuwa dama ba ta zauna a nawa ba. Da wata ya kama na aika salula wurin mai farantin hasken rana ta cika da wuta, na sa anka sa mini kiredi. Ranar cika-ciki na yi wanka tun da safe, na ɗaura zanen fita, na aza wayar a kan tabarma gabana. Rana ta fito. Ta hau. Mutane sunka wuce gona da haiwa a kafaɗa, don noman farko ake. Shiru.

Na girgiza ta. Na kai ta kunne. Na fita da ita tsakar gida ko rezo ya fi ƙarfi can. Na danna hoton ɗiyata, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na danna hoton sarakuwar ƙawata, matar nan ta cikin waya ta yi mini faransancinta na kullum. Na sake, ta sake. Na tsaya ina kallon gilashin, ga ƴan zane-zane jere kamar kayan koli, na san umurnina na cikin ɗayansu yana barci, ban san ƙofar ba. Sai na ce wa kaina ai ƙila ya aika, ƙararrawar ce ta lalace. Wannan ya fi mini sauƙi da in ɗauki waya in bi gari ina roƙon a duba mini. Da ɗiyata ta kira bayan kwana biyu, cikin gaggawa, muryarta duk gajiya, na tambaye ta lafiya na bar ta. Ita ma ba ta tuna ba.

Amsa ba ta zo ba. Na ce ƙila sarakuwar ba ta hau tudu ba, ruwa ake.

Kwana goma sha ɗaya bayan cika-ciki, ina tsince wake a faifai, ƙararrawa ta buga daga cikin ɗaki. Faifan ya kuɓuce mini. A take maganar ɗiyata ta dawo mini duka, har yadda ta ɗaga kai. Na rarrafa na ɗauko wayar ina danna ko'ina, ina cewa tsaya, tsaya, kamar ana kiran yaro da ya riga ya sha kwana. Ya tafi. "Yau ranarki," a ranar da ba ta kowa ba. Kuma da kalmomin bara, ba a sauya ko ɗaya ba.

Ranar kasuwa ta gaba, wajen la'asar, na ji moto, wato babur, ya tsaya ƙofar gida. Ɗan ƙawata ne, babban mutum mai furfura a gemu, laka har gwiwa, ya ɗauko uwarsa a baya tun daga ƙauyensu. Tsohuwar da ta shekara biyar ba ta bar ƙauye ba, ta keto ƙoramu cikin damina. Na miƙe da sanda, murna ta cika ni, bakina har ya shirya.

"Tumbi! Wa ya gaya miki mun yi girki?"

Ba ta ji ba. Ta tsaya tana dubana tun daga kai har ƙafa. Sai ta matso ta kama hannuwana biyu, ta ce da muryar nan mai ƙarfi ta waɗanda ba su jin kansu:

"Ƙanwata. Kin gane ni?"

Tunda muke ba ta taɓa ce mini ƙanwata ba.

"Na gane ki mana, tsohuwar banza!"

"Sannu," ta ce. "Sannu. Zauna, kada ki faɗi."

Ta zaunar da ni a kan tabarmata kamar ni ce baƙuwa. Ta tambaye ni wane wata muke ciki. Na sa baki a kunnenta na faɗa, ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa yaro ya faɗi abu daidai bisa sa'a. Ta nuna ɗanta ta ce wane ne wannan. Na ce wanda na yanke wa cibi. Ba ta ji ba, ta dube shi ta girgiza kai.

Da ta shiga kewaye, na jawo ɗan nata gefe na zayyana masa komai, rana da wata da ƙararrawa. Ya gane tun ban ƙare ba, har ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya.

"Inna, ranar nan tun asuba ta tura matata tudu. Sau uku tana hawa. Da yamma ta ce a shirya, kin mutu an ɓoye mata. Da saƙon ya zo daga baya, anka karanta, sai ta ce a sake. Ta ce wannan na bara ne. Ta ce ke ko sallama ba ki yi sau biyu iri ɗaya, in kin maimaita magana to kanki ya tafi. Ta kwana tana kuka."

"To ka gaya mata. Kai take ji."

"Zan gaya mata in kin ce." Ya sunkuyar da kai yana kankare laka da tsinke. "Sai dai na barar nan, ta hana a goge shi. In ranta ya ɓaci sai ta sa a karanta mata. Tana faɗa wa matan ƙauye wai ƙawarta gwiwa ta mutu amma ta tashi da safe ta tuna da ita. In na ce mata waya ce ke tashi da kanta, ke ko kina barci za ta aika, ban san yadda za ta ɗauka ba. Ke kin fi ni saninta."

Na san ta. Matar da ta taɓa maida mini naman da na aiko da shi ta hannun wani, ta ce ita ba ta karɓar durƙuson aro. Da ƙyar ta yarda da mesaji, shi ma don an rantse mata a bakina ake ɗauka a ranar. Ko dai ta tafi da cewa hankalina ya gushe, ko ta tafi da cewa na ɗora gaisuwarta a kan ƙarfe na juya baya. Na buɗe baki in zaɓa, ban samu wanda zan iya ɗauka ba. Ta fito tana gyara zane, shi kuma ya jira ni, ya jira, sannan ya tashi ya je duba motonsa.

Ta kwance ƙullinta. Fura ce ta dama da nonon shanunsu. Ta riƙe mini ludayi a baki. Ni da ke da hannu biyu lafiyayyu, na buɗe baki na sha. Ta share mini haɓa da bakin mayafinta. Na ce bari in gwada ta ƙarshe, na jawo kanta na yi ihu cikin kunnen:

"Furarki ba daɗi, Tumbi! Rowar nono kinka yi!"

Wannan ta ji shi. Na ga ya shiga. Na jira ta ɗaga gira yadda ta saba, ta ce mini kwaɗayayyar da ta sha ta ƙare sannan ta kushe. Sai ta shafa mini kai.

"To, zan ƙara miki," ta ce.

Sun kwana biyu. Da za su tafi ta kira maƙwabciyata ta ba ta amanata, ta ce a riƙa lura da ni wajen wuta da rijiya. Sannan ta juyo gare ni.

"Ƙanwata, na ɗauke miki. Kada ki ƙara wahalar da kanki da ƙidayar kwana. Kin yi iyakar naki, na yafe sauran."

Na ce ban yarda ba, ba ita ta aza mini ba balle ta ɗauke. Ina faɗa tana murmushi, ɗanta na ɗaura ta a bayansa da rawani don kada ta zame.

Da sanyi ɗiyata ta samu zuwa. Da ta ji, ta ce laifinta ne. Ta buɗe abin ta nuna mini, ga shi nan yadda ta bar shi, bai yi kuskure ko ɗaya ba, ranar da anka ba shi ita ya riƙe. Ta ce ko ta goge, ko ta matsar. Ta ce ko ta matsar ma sai dai kintace, tunda ba a san daren da za a ga wata ba, yana iya saɓawa da kwana ɗaya. Na ce ta matsar, ta goge tsofaffin kalmomi. Na kwana uku ina wasa sabon zagi, wanda ya fi duk na baya kaifi, na sa akuya da rumbu a ciki, ban bari ta datse ko kalma ba. Da wata ya kama bana, ta kira ta bi da maƙwabciyata a waya mataki-mataki har sunka tabbatar da ranar. Ƙararrawa ta buga a kan lokaci.

Amsa ta zo da yamma. Maƙwabciyata ta karanta a ranta, na ce faɗi. Ta ce: "An karanta mata. Ta ce ta san ɗiyarki ce ta rubuta, Allah ya yi mata albarka, tana ƙoƙari da ke. Ta ce ki riƙa cin abinci."

Cikin waɗanda anka haifa kaka ɗaya da mu a unguwarmu, maza sun ƙare tun da daɗewa. Mata saura uku. Akwai wadda ke Sabon Gida wurin jikokinta, ba ta fita ɗaki. Sai ƙawata a bayan Ibohamane, tana yi mini addu'ar samun sauƙi. Sai ni.